Sunan Uba da Sunan Gari: Wanne Ya Fi Kai Mutum ga Asalinsa?

Bahaushe bai gaji al'adar sunan dangi guda ɗaya da ke bin zuriya daga kaka har tattaɓa-kunne ba. Abin da aka sani shi ne sunan yanka da ake raɗa wa jariri ranar bakwai, sai laƙabin da ake kiransa da shi a gida, in kuma ana son bambanta shi da takwarorinsa a ce ɗan wane, ko na unguwa kaza, ko mai sana'a kaza. Makarantar boko da aikin gwamnati su suka zo da takardar da ke neman suna na biyu, daga baya fasfo da katin ɗan ƙasa da asusun banki suka mai da shi dole. Da aka tsare mutane da wannan gurbi, kowa ya cike shi da abin da ya fi kusa da hannunsa. Mafi yawa sun sa sunan mahaifi ko sunan gari, wasu suka sa laƙabi ko sana'a ko sarautar gidansu. Saboda haka duk wanda ya fara neman salsalar gidansu, tambayar farko da zai yi wa sunan da ke ƙarshen takardarsa ita ce: wane iri ne a cikin waɗannan? Tunda biyun farko su suka fi yawa, su ya kamata a auna, a ga abin da kowannensu ke bayarwa da abin da yake ɓoyewa.

Sunan uba yana da daraja ɗaya da babu mai ƙwace masa: mutum yake nunawa, mutum ɗaya tak, wanda ya rayu, aka san shi, wataƙila ma akwai masu tuna fuskarsa. Addini ya ƙarfafa shi, domin aya ta 5 a Suratul Ahzabi ta yi umarni a riƙa jingina 'ya'ya ga ubanninsu, malamai kuma sun saba jero nasaba da "ɗan wane ɗan wane" a ƙarshen littattafan da suka rubuta da hannu. Inda aka kiyaye wannan jeri, babu abin da ya kai shi. Sardaunan Sakkwato Ahmadu ɗan Ibrahim ne, Ibrahim ɗan Sarkin Musulmi Abubakar na Raba, shi kuma ɗan Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wanda aka haifa a 1754. Sunaye biyar sun ratsa shekara fiye da ɗari da hamsin, kowanne yana riƙe da na gabansa.

Sunan gari kuwa darajarsa ita ce yana ba mai bincike inda zai dosa. Wanda ya ji Shehu Shagari ya san akwai gari mai wannan suna a ƙasar Sakkwato, in ya je zai tarar da gidan Magajin Shagari, wato gidan da mahaifin marigayin, Aliyu, ya riƙe sarauta. Wanda ya ji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san ƙasar Bauchi zai nufa, alhali sunan mahaifinsa, Yakubu, ba zai ce masa gabas ko yamma ba. Gari yana da dagaci, yana da limami, yana da maƙabarta da gonakin gado da dattawan da ke zama ƙofar masallaci bayan la'asar. Duk waɗannan shaidu ne da sunan uba shi kaɗai ba zai kai ka gare su ba.

To amma kowannensu yana da rauni, kuma raunin yana fitowa ne daga inda ƙarfin yake. Sunan uba, da yake na mutum ɗaya ne, yana mutuwa da zamaninsa. Musa ɗan Ibrahim zai zama Musa Ibrahim, ɗansa ya zama Haruna Musa, jikansa ya zama Sani Haruna. Kafin a kai jika, Ibrahim ya ɓace daga takarda ɗungurungum. 'Ya'yan wa da ƙane, waɗanda suka tashi a tsakar gida ɗaya suna cin tuwo a kwano ɗaya, za su fito da sunaye daban kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Ga kuma ƙarancin sunayen da ake zaɓa a ciki. Muhammadu da Abubakar da Umaru da Usman da Aliyu da Ibrahim sun cika kowane gari, har ta kai ga samun Usman Abubakar a tsohuwar rajista bai tabbatar da komai ba sai an sami wata shaida ta biyu a gefensa.

Sunan gari, da yake na wuri ne, yana daɗewa, amma ba ya bambanta dangi da maƙwabci. Mutum ɗari na iya amsa Funtuwa ko Gusau ko Bichi ba tare da biyu daga cikinsu sun haɗa kaka ba. Girman wurin shi ke yanke yawan amfanin sunan. Ƙauye mai gidaje hamsin kusan adireshi ne. Unguwa a cikin birni, irin Yakasai a Kano ko 'Yar'aduwa a Katsina, ita ma tana taƙaita nema ƙwarai. Amma sunan babban birni kusan bai ce komai ba. Malam Aminu Kano ɗan Malam Yusufu ne, daga zuriyar Gyanawa da aka sani da malanta da shari'a. Wanda ya tsaya ga kalmar "Kano" ba zai taɓa isa ga Gyanawa ba.

Wannan rauni ne da ake gani a fili. Wanda ya fi cutar da sabon mai bincike shi ne wanda ba a gani, wato lokacin da sunan ya nuna maka hanya da alamar gaskiya alhali ba nan ba ce.

Ta ɓangaren sunan uba, abu uku ke jawo haka. Na farko riƙo. Yaro ya tashi a hannun baffansa ko kawunsa ko malaminsa, wanda ya riƙe shi ya kai shi makaranta, malamin aji ya tambayi sunan uba, aka ba da sunan mai riƙo, shi ke nan ya zauna a takarda har tsufa. Na biyu tsallake. Gidan da ke da fitaccen kaka yakan bar sunan uba ya ɗauki na kakan. "Bello" da ke jikin sunan Sardauna yana komawa ga Muhammadu Bello, kakan mahaifinsa, kuma a ƙuruciya da Ahmadu Raba aka san shi, sunan garin da aka haife shi. Na uku, wanda ya fi yawa, shi ne alkunya. Garba da Habu da Buba da Bukar duk Abubakar ne. Shehu yawanci Usman ne, Sanda Umaru ne, Iro Ibrahim ne, Audu Abdullahi ne, Maitama kuwa Yusufu ne, kamar yadda yake a sunan Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule. Sani da Salisu da Rabi'u da Hamisu sukan zama Muhammadu na biyu da na uku da na huɗu da na biyar a gida ɗaya. Bala da Ɗanladi da Ɗanjuma ranar haihuwa suke faɗa, Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Gambo ya biyo bayan tagwaye. Kowannensu yana iya samun wani sunan yanka da liman ya raɗa masa, wanda shi za a gani a takardar gado. Kuma kada a manta da kunya: uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, mace ta dā ba ta faɗin sunan mijinta. In ka tambayi kakarka sunan kakanka ta ce "maigidan nan" ta yi shiru, ba mantuwa ta yi ba. Nemi ƙanwarsa ko abokinsa ka tambaya.

Ta ɓangaren sunan gari, ruɗin yana fitowa daga wanda ya laƙaba sunan da inda yake tsaye lokacin da ya laƙaba shi. Ba a kiran mutum da sunan garinsu a cikin garinsu, sai ya fita. Ɗalibin da ya bar ƙauye ya tafi makarantar midil ko Kwalejin Katsina, malamai sukan bambanta shi da sauran Muhammadu da sunan gundumar da ta turo shi, wadda ba lalle ba ce ƙauyen da aka binne cibiyarsa. Haka nan kowa ya san Mamman Shata Katsina, amma a Musawa aka haife shi. Katsina a nan sunan ƙasar ce baki ɗaya. Gwargwadon nisan da mutum ya yi da gida, gwargwadon girman wurin da za a jingina shi da shi: a Kano a ce na Ɗanbatta, a Legas a ce na Kano, a zangon Kumasi a ce Bahaushe kawai. Wani lokacin ma sunan yana nuna inda mutum ya yawaita zuwa ne: falken da ke safarar goro daga Gwanja ana iya kiransa da Gwanja ko da bai da dangi ko ɗaya a can. Sai maimaituwar suna. Tudun Wada akwai ta a Kano da Zariya da Kaduna da Gusau, Sabon Gari da Zango ba sa ƙirguwa, Yelwa akwai ta Yawuri akwai ta Bauchi. Ga kuma sauyin iyaka: wanda tsohuwar takardarsa ta ce ɗan jihar Kano ne daga Haɗeja, yau a Jigawa za a neme shi, domin an yanke ta a 1991, Katsina ta fita daga Kaduna a 1987, Zamfara ta fita daga Sakkwato a 1996.

Akwai gida ɗaya da ya nuna yadda suna zai iya raba 'yan'uwa a idon wanda bai sani ba. Malam Bello Kagara marubucin Ganɗoki da Alhaji Abubakar Imam marubucin Ruwan Bagaja wa da ƙane ne. Ɗaya ya riƙe sunan garinsu, ɗaya ya shahara da Imam. Wanda ya dogara ga sunan ƙarshe kaɗai zai rubuta su a gida biyu.

Laƙabi da sana'a suna tsakanin waɗannan biyun, kuma a nan ya kamata a ɗan dakata. Laƙabi kamar sunan uba yake ta wajen nuna mutum ɗaya, amma idan ya kafu yakan daɗe kamar sunan gari. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, sunan mahaifinsa Abdullahi, falke daga cikin Agalawa. Tata sunan matar da ta raine shi ce, mutane suka riƙa ce masa ɗan Tata. Da ya shahara, 'ya'yansa irin su Sanusi da Aminu suka ci gaba da amsa sunan, jikoki ma haka. Ga mai bincike, wannan suna yana ba da abu mai tsada: duk mai amsa shi ta gado yana komawa ga mutum ɗaya, kuma an san zamaninsa. Amma a nan ya tsaya. Wanda zai wuce Alhassan zuwa baya dole ya ajiye "Ɗantata" ya ɗauki Abdullahi da Bebeji da Agalawa, wato ya koma ga sunan uba da sunan wuri. Duk sunan da ya kafu yana da wanda ya fara amsa shi, kuma gano wannan mutum shi ne rabin aikin.

Sana'a kuwa iri biyu ce. Akwai ta gado, irin ƙira da wanzanci da fawa da jima da dukanci, wadda ɗa ke karɓa daga uba, tana da sarkinta a gari, sau da yawa tana da unguwarta. In sunan gidanku ya jingina da irin wannan, Sarkin Maƙera ko Sarkin Aska ko Sarkin Fawa na garin zai iya jero maka gidajen da ke cikin sana'ar da yadda suka haɗu. Akwai kuma ta kasuwa, irin Maigoro da Maiturare da Maishanu, wadda mutum ɗaya kan ɗauka a rayuwarsa, ba ta nuna komai game da ubansa. Sarauta ma a yi hattara da ita: Galadima da Ciroma da Waziri da Liman suna yawo tsakanin gidaje, kuma kusan kowace masarauta tana da nata.

Bari mu gwada duka a kan misali ɗaya. A ce katinka ya ce Nasiru Garba Ɗanbatta, an haife ka a Kaduna a 1995. Ka ɗauki littafi, ka ware wa kowane mutum shafinsa, a kowane shafi ka tanadi wurin sunan yanka, da laƙabi, da sunan uba da na uwa, da sana'a, da inda aka haife shi da inda ya rasu, sannan a ƙasa sunan wanda ya faɗa maka da ranar da ya faɗa. Shafin farko naka ne, na biyu na mahaifinka. Garba alkunya ce, don haka ka tambaya ko Abubakar ne sunan yankan. Ka duba tsohuwar shaidar firamarensa, wataƙila ka tarar an rubuta Abubakar Ɗanbatta ba tare da sunan uba ba. Wannan ya nuna maka cewa shi ne ya fara amsa sunan garin, kuma a makaranta ya same shi. Ka tambayi gwaggonka sunan kakanka. A ce ta ce Maigoro ake ce masa. Laƙabin kasuwa ke nan, bai kai ka ko'ina ba tukuna. Ka sake tambayar wani dattijo daban, ba a gaban gwaggon ba, ya ce sunansa Sani, wato mai yiwuwa Muhammadu Sani, kuma akwai alamar yana da wa mai suna Muhammadu wanda zuriyarsa ke wani wuri. Yanzu ka tafi Ɗanbatta da abu uku a hannu: suna, laƙabi, sana'a. In mai unguwa ya ce ya san gidan, amma mutanen gidan daga wani ƙauye suka taso a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, to sunan garin ya gama aikinsa. Ya kawo ka zango ɗaya, ya miƙa ka ga wani.

Dattawa ba sa ba da shekara, zamani suke bayarwa, kuma ana iya mai da shi lissafi. A ƙasar Kano, Abbas ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Sanusi zuwa 1963. Ka ƙiyasta kimanin shekara talatin tsakanin uba da ɗa, kana sane da cewa auta a gidan mai mata da yawa na iya zuwa uban yana da sittin. Da wannan awo, kai 1995, mahaifinka wajen 1965, kakanka wajen 1935, mahaifinsa wajen 1905. In aka ce maka kakanka da kansa ya ga shigowar Turawa Kano a 1903 yana saurayi, lissafi ya ƙi. Kusan tabbas an haɗe mutum biyu masu suna ɗaya. Wannan kuskure yana yawan faruwa saboda al'adar mayar da suna: a sa wa jika sunan kakansa, a riƙa kiransa Abba ko Baba don sakaya, bayan shekaru masu ba da labari su narkar da su biyun su zama mutum ɗaya. Alamarsa ita ce mutum ya yi tsawon rai da ayyukan da suka fi ƙarfin rayuwa ɗaya.

Idan aka zo ga takardu, sunayen biyu ba su da rabo ɗaya. Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da ma'ajiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, abin da ke cikinsu na zamanin En'e galibi an tsara shi ne bisa lardi da gunduma da gari. Wanda ya je da sunan uba kaɗai ba zai san fayil ɗin da zai nema ba, wanda ya je da sunan gunduma zai sami rahoton haraji da tarihin sarautar wurin, ko da bai ga sunan kakansa a ciki ba. Amma takardar rabon gado ta kotun alƙali, da takardar gona ko gida, da bayan bangon Alƙur'anin gida inda wasu malamai kan rubuta haihuwar 'ya'yansu, duk da sunan uba suke magana. Wanda danginsa suka ratsa Nijar ya tuna cewa rubutun Faransanci zai mai da Usman ya zama Ousmane, Yusufu ya zama Issoufou, kada ya wuce nasa bai gane shi ba.

Akwai inda dukansu biyu suka gaza, wato wajen mata. Sunan uba yana bin maza ne kawai, sunan gari kuma yakan ɓace wa mace da zarar an kai ta gidan miji a wani gari, a ofis ma wasu sukan koma amsa sunan mijin. Kakarka da kowa ke kira Indo ko Kulu ko Dije, sunanta A'ishatu ko Hauwa'u ko Hadiza, tana da uba, tana da gari. Ina roƙon mai bincike ya ba ta shafinta cikakke, domin rabin asalinsa ta nan ya zo, kuma sau da yawa tsofaffin mata su suka fi riƙe wa ya auri wa. Haka nan in bincike ya kai ga abin da dattawa ke nauyin faɗa, kamar riƙon da aka ɓoye ko tarihin bauta, a rubuta gaskiya a littafi, amma a yi shawara da manyan gida kafin a baza ta.

Bayan an auna su duka, ga inda na tsaya. Sunan gari ya fi amfani a ranar farko, domin shi ke cewa hau mota ka nufi wuri kaza, kuma shi ke buɗe ma'ajiyar takardu. Amma ba ya tabbatar da dangantaka ko da tsakanin mutum biyu. Abin da ke tabbatar da ita shi ne jerin ɗan wane ɗan wane, wanda aka tsabtace daga alkunya da riƙo da tsallake, aka kuma ji shi daga baki biyu da ba su haɗa baki ba. Don haka sunan uba nake ba rinjaye, da sharaɗin kada a rubuta kowane uba a littafi sai da garinsa da laƙabinsa da sana'arsa a gefensa. Mai karatu, in akwai tsoho ko tsohuwa da ta rage a gidanku, fara da ita a wannan makon, ka tambaye ta sunan yankan kakanka da garin da aka haife shi.